Litiyam: Maganin da Ƙoda Ke Riƙe da Ma'auninsa

A gidaje da yawa akwai mutumin da iyali ke lura da shi kamar yadda manomi ke lura da hadari. Wata rana sai a ga barci ya ƙaurace masa, yana magana ba tsayawa, yana rabon kuɗin da bai mallaka ba, yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. A yi makonni a haka, wani lokaci har sai an kai shi asibiti. Bayan wasu watanni kuma sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ba ci, ba wanka, ba ya son ganin kowa, yana cewa gara ya mutu. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan ciwo baifola, wato ciwo mai fuska biyu, ta tashi da ta faɗuwa. Cikin magungunan da ke daidaita mai wannan ciwo, wanda ya fi daɗewa kuma har yau ake auna sauran da shi, shi ne litiyam.

Mai karatu zai iya cewa ai ya san sunan. Shi ne ma'adinin da ake haƙa a jihar Nasarawa, shi ne kuma a cikin batirin wayar hannu. Sinadarin ɗaya ne, sai dai wanda ake sha gishirinsa ne da aka tace, wanda ake kira litiyam kabonet, ana yin sa ƙwayoyi masu miligiram 250, 300 ko 400. Kalmar gishiri a nan ita ce mabuɗin duk abin da zan faɗa, domin litiyam ɗan'uwan sodiyam ne, wanda ke cikin gishirin miya, kuma jikin ɗan'adam bai cika bambance su ba.

Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya, John Cade, ya gwada shi a kan masu wannan ciwo. Ya lura cewa ɓerayen Masar da ya yi wa allurar gishirin litiyam sun yi lakwas, sai ya sha da kansa don ya ga ko zai cutar da shi, sannan ya ba wa marasa lafiya. A 1949 ya buga sakamakon mutum goma masu tashin ciwon, kuma abin ya ba da mamaki. Na farkonsu ya shafe shekara biyar a tsare a asibiti cikin ruɗu, amma ya natsu har aka sallame shi ya koma aiki. Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba. Mutumin ya daina shan maganin, ciwon ya dawo, aka mayar da shi kansa, kuma a 1950 ya mutu sakamakon yawan litiyam a jikinsa. A Amurka ma, a cikin 1949 ɗin, an yi ta sayar wa masu ciwon zuciya wani gishirin litiyam a matsayin madadin gishirin miya, tunda an hana su gishiri. Wasu suka mutu, hukuma ta janye shi, kuma Amurka ba ta amince da litiyam a matsayin maganin ƙwaƙwalwa ba sai a 1970, bayan aikin shekaru da likita Mogens Schou na ƙasar Denmak ya yi a kansa. Abin da ya ceci maganin daga wannan baƙin jini shi ne an koyi auna yawansa a cikin jini.

Ban kawo tarihin nan don tsoratarwa ba. Litiyam yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana hana tashin ciwon dawowa, kuma yana cikin 'yan magungunan da aka nuna suna rage yawan kashe kai ga masu wannan lalura. Akwai mutanen da suka yi shekara ashirin suna sha, suna kasuwancinsu, suna aurar da 'ya'yansu, maƙwabta ba su ma san suna da ciwo ba. Amma zuma ce, da zaƙi da harbi.

Yawancin magungunan da muka saba da su suna da fili mai faɗi tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa. Litiyam ba shi da wannan fili. Ana auna shi da milimol a kowace lita ta jini, abin da za ka gani an rubuta mmol/L a takardar sakamako. Abin da likita ke nema ga yawancin mutane shi ne tsakanin 0.6 da 1.0, ga tsofaffi kuma akan sauko ƙasa da haka kaɗan. Idan ya yi ƙasa da 0.4, da wuya ya hana ciwon dawowa. Idan ya haura 1.5, alamun guba sukan bayyana. Ya wuce 2.0, rai yana cikin haɗari. A taƙaice, ninki biyu kacal na adadin da ke warkarwa ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Wannan shi ne abin da masana magunguna ke nufi idan suka ce tazarar amincinsa siririya ce.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba sai an ƙara ƙwaya ake kaiwa ga wannan ninkin ba. Mutum zai iya ci gaba da shan ƙwaya biyunsa kowane dare, bai taɓa kuskure ba, amma maganin ya taru a jininsa har ya zama guba. Dalili yana cikin ƙoda.

Hanta ba ta sarrafa litiyam kamar yadda take yi wa yawancin magunguna. Yadda ya shiga haka yake fita, kuma kusan dukkansa ta fitsari. Ƙoda tana tace jini ta cikin wasu 'yan mitsitsin matatai, sannan ruwan da aka tace ya bi ta siraran bututu, inda take sake tsotse abin da jiki ke buƙata, musamman ruwa da sodiyam. A farkon waɗannan bututu ne ake tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na litiyam ɗin da aka tace, a mayar da shi cikin jini, domin yana bin hanyar da sodiyam ke bi. To duk lokacin da jiki ya ji gishiri ko ruwa ya yi masa ƙaranci, sai ƙoda ta ƙara ƙaimi wajen riƙe sodiyam, ta haɗa da litiyam ta riƙe. Haka kuma duk abin da ya rage jinin da ke ratsa matatan, zai rage litiyam ɗin da ke fita. Ƙofofi biyun nan su ne dukkan labarin: ko dai a rage tacewa, ko a ƙara tsotsewa.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Mu ƙaddara wani tela ne mai shekara 58 a cikin birnin Kano, ya yi shekara takwas yana shan miligiram 800 kowane dare, gwajinsa kullum yana zagaye da 0.8. Alƙaluman da zan bayar na misali ne, amma kowane mataki abu ne da likitoci suka saba gani.

A watan Fabrairu ya je wani asibitin unguwa da ciwon kai, aka auna shi aka ce hawan jini ne. Bai faɗi cewa yana shan maganin ƙwaƙwalwa ba, saboda kunya, kuma ba a tambaye shi ba. Aka rubuta masa ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, irin wadda ke ɗauke da haidurokulorotayazaid, aka kuma ce ya rage gishiri. Duka biyun shawara ce mai kyau ga mai hawan jini. Amma wannan rukunin magani, wanda ake kira tayazaid, yana aiki ne ta hanyar zubar da sodiyam daga can ƙarshen bututun ƙoda. Jiki yana ganin asarar, sai ya rama ta wajen ƙara tsotsewa a farkon bututun, daidai inda litiyam ke komawa jini. An san tayazaid yana ɗaga litiyam da kashi 25 zuwa 40 cikin 100 a cikin 'yan kwanaki. Uwargida kuma ta bi umarni, ta janye gishiri da dunƙule daga miyarsa. Daga 0.8 sai ya koma wajen 1.1. Bai ji komai ba sai ɗan ƙarin rawar hannu idan zai zura zare a allura.

A watan Maris gwiwarsa ta fara ciwo saboda taka keken ɗinki. Ya aiki yaro kemis, aka kawo masa dikulofenak, yana sha safe da dare. Wannan shi ne matakin da ya fi damuna, domin magungunan ciwon jiki na wannan rukuni, su ibufurofen, dikulofenak, firoksikam, indometasin da nafuroksen, ana sayar da su a kowace kusurwa, har a tiren mai talla, wani lokaci a cikin ƙullin haɗe-haɗen maganin gajiya wanda mai saye bai san abin da ke ciki ba. Suna toshe wani sinadari da ke buɗe jijiyoyin jinin ƙoda, don haka tacewa ta ragu. Ga wani mutum ƙarin da suke yi kaɗan ne, ga wani kuma babba ne, kuma ba a iya sanin wane ne wane kafin a gwada jini. Telanmu yanzu ya kai 1.4. Yana jin kasala, abinci ba ya masa daɗi, yana ɗan mantuwa. Iyalinsa suka ce zafi ne.

Kuma zafin ya zo. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, shago kwano ne, babu wuta balle fanka. Gumi ruwa ne da gishiri, dukansu biyu yana zubarwa. Sai kuma ya ci wani abu da ya ɓata masa ciki, ya kwana yana gudawa. Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa duka, domin an sha gaya masa kada ya kuskura ya tsallake. Bayan kwana uku ya tashi zai je masallaci, sai aka ga yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, harshensa ya yi nauyi, hannunsa yana karkarwa har kofi ba ya riƙuwa. Da an auna jininsa a ranar, da an ga wajen 2.0 ko fiye.

Akwai wani mugun zagaye a nan da ya kamata a sani. Litiyam da kansa, idan ya yi yawa, yana sa amai da gudawa. Yana kuma rage wa ƙoda ikon tattala ruwa, shi ya sa masu shan sa da yawa ke fama da yawan fitsari da ƙishirwa. Don haka rashin ruwa yana ɗaga litiyam, litiyam yana ƙara rashin ruwa, ƙoda tana ƙara gajiya, abin yana ciyar da kansa.

Ta yaya iyali za su bambance illar yau da kullum da guba? Rawar hannu siririya, wadda sai an miƙa yatsu ake gani, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe a baki, da yawan shan ruwa, waɗannan abubuwa ne da aka saba da su ko da ma'auni yana daidai, a gaya wa likita a ziyara ta gaba. Amma idan rawar ta zama babba har tana hana cin abinci, ko mutum yana tangaɗi, ko magana tana sarƙewa, ko gani ya dushe, ko tsoka tana fizga, ko barci ya yi masa yawa yana ruɗewa, ko amai da gudawa sun ƙi tsayawa, to wannan ba ta jira ba ce. Kada a ba shi ƙwaya ta gaba, a ba shi ruwa idan yana iya haɗiya, a tafi asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannu. Idan aka yi jinkiri, abin da ke biyo baya shi ne farfaɗiya, suma, da tsayawar ƙoda.

Babban haɗarin da nake gani a wurinmu shi ne fassara. Mutum ne da kowa ya san yana da ciwon ƙwaƙwalwa, don haka da ya fara ruɗewa sai a ce ciwonsa ne ya tashi, wani ma ya ce a ƙara masa ƙwaya. Wasu su ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu su ce iska ce, a yi kwana biyu ana hayaƙi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Ruwa ba ya tsami banza: mutumin da ya yi shekaru lafiya a kan litiyam, ya tashi yana tangaɗi, a fara zargin maganin kafin komai.

A asibiti za a tsayar da litiyam da duk magungunan da suka ɗaga shi, a yi ƙarin ruwa mai gishiri ta jijiya don ƙoda ta saki abin da ta riƙe, a riƙa maimaita gwajin jini bayan 'yan sa'o'i. Babu wani makari da ke karya litiyam, kuma garin gawayin da ake ba wanda ya sha guba ba ya kama shi. Idan abin ya yi tsanani, ko ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda, wanda ke fitar da shi sosai saboda ƙanƙantar ƙwayarsa. Likitoci sun san cewa litiyam yana shiga ƙwaƙwalwa a hankali, yana kuma fita a hankali, don haka wanda ya tara shi cikin makonni, kamar telanmu, zai iya jigata fiye da abin da lambar jini ta nuna, kuma lambar takan sauka kafin hankalinsa ya dawo. Yawanci ana warkewa. Amma akwai waɗanda ke tashi da tangaɗi da nauyin harshe na dindindin, kuma daɗewa cikin guba kafin a kai asibiti yana ƙara wannan haɗari.

Akwai sauran abubuwan da ke ɗaga shi, zan ambace su a gurguje. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril, enalafiril da losatan suna yi, kuma nasu yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana, shi ya sa yake shammatar mutane. Furosemaid, wanda ake ba masu kumburin ƙafa, yana da haɗari musamman ga tsofaffi a watan farko. Fulajil, wanda mutane ke saye da kansu da zarar ciki ya murɗa, shi ma an ga ya ɗaga shi. Zazzaɓin cizon sauro mai gumi da amai yana yi. Tsufa ma yana yi, domin ƙodar ɗan shekara 70 ba ta tace abin da take tacewa yana ɗan 40, don haka adadin da ya dace da mutum a da zai iya yi masa yawa a yanzu. Har wanda ya saba shan shayi mai kauri ko kofi da yawa, idan ya daina rana ɗaya, ma'auninsa zai iya ɗan hawa, saboda sinadarin da ke cikinsu yana taimaka wa ƙoda fitar da litiyam. Ga ciwon jiki, farasitamol ne abin da ya dace da mai shan litiyam. Ga hawan jini kuwa akwai irin su amlodifin da ba a san su da wannan matsala ba, kuma idan dole sai tayazaid ko lisinofiril, likita zai iya rage litiyam ya bi da gwaji. Duk wannan ba zai yiwu ba sai likitan ya san kana sha.

Mace mai ciki tana da nata lissafin. A lokacin goyon ciki ƙoda tana ƙara aiki, ma'aunin litiyam ya sauka, har a ƙara mata adadi. Da zarar ta haihu ƙoda ta koma yadda take cikin 'yan kwanaki, kuma idan ba a mayar da adadin baya ba, sai ya yi mata yawa, ga kuma wankan jego da gumin da ke tare da shi. Litiyam yana da ɗan haɗari ga zuciyar ɗan tayi a watanni ukun farko, yana kuma shiga nono. Matar da ke sha kuma take son haihuwa ta zauna da likitanta tun kafin ciki ya shiga.

Batun azumi ba zan tsallake shi ba, tunda sa'o'i goma sha uku ko sha huɗu ba ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai wannan magani, balle idan azumin ya faɗo cikin bazara. Wasu suna iya yi lafiya idan ƙodarsu ƙalau take, suka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, suka guji rana. Wasu kuma, kamar tsoho, ko mai yawan fitsari, ko mai shan maganin hawan jini, haɗarin a kansu ya fi yawa. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma abin da ya kamata shi ne a ga likita tun cikin Sha'aban, a yi gwaji, a ji ta bakinsa, a kai wa malami bayanin. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya ajiye maganin da kansa don ya yi azumi. Daina litiyam farat ɗaya yana dawo da ciwon da ƙarfi, sau da yawa cikin 'yan watanni, yana kuma ɗaga haɗarin kashe kai. Idan za a daina, likita ne ke rage shi a hankali cikin makonni ko watanni. Tsayarwar gaggawa ta wanda ke da alamun guba ce, ko wanda amai da gudawa suka kama, shi ma yana kan hanyar asibiti.

Gwajin jinin kansa yana da ƙa'ida, kuma idan aka saɓa ta lambar ba ta da amfani. Ana ɗibar jini sa'a 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe. Wanda ya sha da ƙarfe tara na dare, a ɗiba da tara na safe, kuma idan yana da ta safe, kada ya sha sai an ɗiba. Idan aka ɗiba sa'a biyu ko uku bayan sha, lambar za ta fito sama ta tayar da hankali a banza. Bayan fara magani ko sauya adadi, akan jira kwana biyar zuwa bakwai kafin a gwada, domin sai a lokacin ma'aunin ke zama wuri ɗaya, sannan a riƙa yi mako-mako har ya tsaya. Daga nan sai duk wata uku, daga baya duk wata shida ga wanda ba shi da wata matsala. Duk wata shida kuma a duba aikin ƙoda, da na tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, da sinadarin kalsiyam, saboda litiyam yana iya taɓa su ukun idan an daɗe ana sha. Ga ma'aikatan ɗakin gwaji kuma akwai wani tarko: wata kwalbar ɗibar jini tana ɗauke da litiyam a cikin sinadarin da ke hana jini daskarewa, kuma idan aka zuba jinin a cikinta sakamakon zai fito sama alhali mutum lafiya lau yake.

Gaskiya ita ce ba kowane asibiti ba ne a ƙasashenmu ke iya wannan gwaji, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa likitoci da yawa ke zaɓar wasu magunguna, irin su balfurowet, kabamazefin ko olanzafin. Su ma kowanne da nasa amanun, balfurowet ma yana da mummunan haɗari ga ɗan tayi fiye da litiyam. A ganina, inda babu halin gwaji ko kaɗan, bai kamata a fara litiyam ba. Amma inda akwai hali, ko da sai an yi tafiya zuwa babban asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko asibitin koyarwa mafi kusa, hana mutum shi saboda tsoro kawai zalunci ne, domin akwai waɗanda babu maganin da ke riƙe su kamarsa.

Telanmu da ya faɗi kalma ɗaya a asibitin unguwa a watan Fabrairu, da babu ɗaya daga cikin abin da ya biyo baya da zai kai inda ya kai. Don haka ina roƙon duk mai shan litiyam, da duk mai kula da wanda ke sha: ku rubuta sunan maganin da adadinsa da sakamakon gwaji na ƙarshe a 'yar takarda, ta zauna a aljihu. Ku nuna ta ga kowane likita, kowace nas, kowane mai kemis, kafin ku karɓi ko da ƙwaya ɗaya. Ku kuma ma'aikatan lafiya, kafin ku rubuta wa mutum maganin hawan jini ko na ciwon gaɓoɓi, ku kaɗaita da shi ku tambaye shi ko yana shan wani magani na ƙwaƙwalwa, domin da yawa ba za su faɗa a gaban jama'a ba.